Kafaɗata na ciwo in na ɗaga hannu, radiyo kuma ba ta nuna komai ba

Mushen Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman shawara. Yau wata biyu ke nan kafaɗata ta dama tana damuna, in hannun yana ƙasa lahiya lau kamar ba komai, amma da na ɗaga shi zan yi rubutu a allo, daidai lokacin da ya kai tsayin kafaɗa sai in ji kamar an soka mini tsinke nan gefen damtse, in na daure na wuce wurin na kai shi can sama kuma sai ya lafa, wajen saukowa ya sake kama ni a wuri guda. Da dare ba na iya kwanciya a kan gefen. Na je an yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, an ce ƙashi lahiyarsa lau, aka ba ni dikilofenak na sha kwana goma ya yi sauƙi, da na bari ya dawo. Shekarata 46. Ban faɗi ba, ba abin da ya buge ni, sai dai lokacin da ruwa ya yanke a unguwarmu na yi wajen sati uku ina ɗora bido kan moto ina saukewa. Yanzu rabin allo na sama ya zama na banza, daga tsakiya nake farawa, yara na baya suna cewa mushe ba mu gani.

Alhaji Zango:
Wa alaikumus salam. Mushe wannan sanyi ne ba wani abu ba, ni ma na yi shi. Ka bar shan ruwan firijo, ka bar kwana ƙarƙashin fanka, ka samu wanzami ya yi maka ƙaho biyu a allon kafaɗa ya fidda mataccen jini, ka shafa man zafi ka rufe wurin. Radiyo ai ba ta ganin sanyi.

Hajiyar Birni:
Allah sarki ƙanena, ciwona ne ka ɗauko sak. Ni tawa ta hagu ce yau wata bakwai, da fari haka ta soma, ciwo da dare har in tashi in zauna ina hawaye ni kaɗai, yanzu ciwon ya ɗan ragu amma hannun ya ƙi, ɗaurin ɗankwali sai ƴata ta yi mini, zip ɗin riga na baya kuwa ba a magana, kai har abin da ya shafi tsarki sai da dabara, ka gane dai. In za ka sha magani ka sha da wuri kar ka zama kamar ni.

Baba Manjo mai ritaya:
Duk ku biyun abu guda ne, mu da muna aiki feriyartirit muke ce masa. Maganinsa infiltarasiyon, allurar kortizon guda a cikin kafaɗa, kwana uku mutum ya manta. Na ga an yi wa mutane ba adadi. Ƙaho kam Alhaji a bar shi, zubar da jini ne kawai.

Kine Garin Malam:
Sannunku, ni kine ne, aikina gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Baba Manjo ina gaisuwa, a yi mini aikin gafara zan ɗan saɓa maka kaɗan. Sunan nan da ka faɗa tsohon suna ne da wani likitan Faransa Duplay ya sa tun 1872, kuma babban buhu ne da ake zuba kowane ciwon kafaɗa a ciki. Daga yadda Mushe da Hajiya suka ba da labari, ni ina jin ba ciwo guda ke gare su ba, kuma abin da zai taimaki ɗaya zai iya ɓata wa ɗaya lokaci.

Kafin in ce komai ku yi mini gwaji guda, ba ya buƙatar ko dala. Ku kwanta rigingine a tabarma, ku saki hannun gaba ɗaya kamar ba naku ba, wani ya kama shi ya ɗaga muku a hankali zuwa saman kai, ku kar ku taimaka masa ko kaɗan. Na biyu, kuna kwance ɗin, ku manna gwiwar hannu a haƙarƙari, hannun a lanƙwashe yatsu na kallon rufin ɗaki, sai mutumin ya tura hannun waje wajen tabarma kamar ana buɗe ƙyauren taga, gwiwar kar ta rabu da jiki. A yi wa hannun mai lahiya tukuna sannan mai ciwon, a gwada bambanci. Ku zo ku gaya mini inda kowanne ya tsaya.

Na Kara-Kara kabu-kabu:
Ni ma bari in bi layi, wana ne moto ya kayar da shi a hanyar Mirriya sati biyu da suka wuce ya dafa ƙasa da hannu, an kai shi wajen mai ɗori ya ce targaɗe ne ya ja ya ɗaure, an kwance yanzu amma hannun ba ya ɗaguwa sam sai ya tallabe shi da ɗayan. Ko shi ma wannan gwajin zai yi?

Mushen Sabon Gari:
Na yi yanzun nan, ɗana babba ya ɗaga mini. Abin mamaki hannun ya tafi har ya taɓa tabarma a saman kaina, akwai ɗan tsunkuli a tsakiyar hanya amma ba kamar in ni na ɗaga da kaina ba. Na buɗe tagar kuma daidai yake da na hagu, ba bambanci.

Hajiyar Birni:
Ni kam ƴata ta gwada, bai kai ko'ina ba. Ta ɗaga ya zo daidai yatsu na kallon sama ya ɗan gota kaɗan sai ya tsaya cak, ta ce mama kamar an sa sakata. Na tagar kuwa ko motsi kusan bai yi ba, na damar yana sauka can kusa da tabarma, na hagun yana nan tsaye kamar an kafa shi, da ta ƙara turawa sai duk jikina ya juyo ya bi hannun kuma na yi ƙara har maƙwabciya ta leƙo.

Kine Garin Malam:
To kun ga bambancin da kanku. Ba zan yanke hukunci ta waya ba, sai hannu ya taɓa, amma ga yadda abin yake.

Kafaɗa gaɓa ce da kan ƙashin damtse yake zaune a wani ɗan gurbi mara zurfi, abin da ke riƙe shi a wurin tsoka huɗu ne da suka taso daga allon kafaɗa suka lulluɓe kan ƙashin da agararsu. Na ce agara da gangan, don mu kome jijiya muke ce masa, ta jini jijiya, mai kai saƙo jijiya, mai ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, sai magana ta rikice. Irin farin abin nan mai tauri da mahauci ke yanke wa a ƙarshen tsoka nake nufi. Ta saman cikin huɗun nan ita ta fi shan wahala, tana bi ta wani matsattsen wuri ƙarƙashin ƙashin da kuke taɓawa a ƙololuwar kafaɗa, kuma aikinta ya fi yawa daidai lokacin da hannu ke tsakiyar hanya, daga digiri 60 zuwa 120. Shi ya sa Mushe ke jin suka a nan, in ya wuce ya lafa. In wani ne ya ɗaga maka, agarar ba ta aiki, gaɓar kuma a sake take, sai hannu ya tafi har ƙarshe. Bidon lita 25 kilo 25 ne, mutumin da aikinsa alli ya tashi rana ɗaya yana ɗaga wannan kullum har sati uku, ba abin mamaki ba ne.

Na Hajiya daban. Gaɓar tana cikin wata jaka mai laushi mai faɗi, kamar hammatar babbar riga, don hannu ya samu wurin juyawa. A ciwon da muke ce wa kapsulit jakar nan ce ke kumbura, daga baya ta yi kauri ta tsuke, kamar rigar da tela ya rage wa hammata. To ko wa ya ɗaga miki ba zai wuce inda ɗinkin ya tsaya ba. Kuma abin da ya fara tafiya shi ne buɗe tagar nan, shi ya sa na sa ku gwada shi. Radiyo ba ta nuna agara ba ta nuna jaka, ƙashi take gani, don haka "ba a ga komai ba" ba yana nufin ba komai ba.

Hajiya tambaya, kina da ciwon suga?

Hajiyar Birni:
Ikon Allah. Ina da shi ɗana, shekara shida ke nan. Amma mene ne haɗin suga da kafaɗa kuma? Gaskiya na kwana biyu ban auna ba, maganin ma in ya ƙare sai in yi sati ban saya ba.

Alhaji Zango:
Ɗana da ke karatu a Kano ya duba mini, ya ce Turawa ma daskararriyar kafaɗa suke ce wa ciwon Hajiya. To me ke daskarar da abu in ba sanyi ba? Kun ga maganata ta fito.

Kine Garin Malam:
Alhaji ka ba ni dariya wallahi. Sunan kwatance ne kawai, wai ta tsaya ba ta motsi, ba ruwansa da ruwan firijo. Mutum na yin sa tsakiyar bazara a Damagaram da zafin nan da ka sani. Abin da zan yarda da kai shi ne ɗumi na sa a ji daɗi, tsumma da ruwan ɗumi kafin motsa jiki ni ma ina sa mutane su yi. Amma mai suga a yi masa tsaga a fata, a'a, ciwonsu ba ya saurin warkewa.

Hajiya, masu suga sun fi kowa kamuwa da wannan, nasu kuma ya fi taurin kai ya fi daɗewa, kuma ba abin mamaki ba ne ɗaya kafaɗar ta yi nata daga baya. Masu ciwon maƙoƙo ma suna yi. Ya fi kama ƴan shekara 40 zuwa 60, mata sun ɗan fi maza. Har ma in mutum ya zo mini da kafaɗa a ƙage ba dalili, kafin komai ina tura shi ya auna gilisemi, wato sugan jini, da safe bai ci komai ba, akwai waɗanda ta nan suka fara sanin suna da suga, in ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce a awo biyu to suga ne.

Baba Manjo mai ritaya:
Na yarda da bambancin, yaro ka yi karatu. Amma har yanzu ina kan bakana, allura tana yi wa duka biyun. Ko ƙarya na yi?

Kine Garin Malam:
Ba ka yi ƙarya ba Baba, tana rage ciwo a duka biyun, sai dai lokaci da wuri. Kapsulit hawa uku gare shi. Na farko na ciwo, wata biyu har zuwa tara, shi ne na hana barcin nan da Hajiya ta faɗa. Na biyu ciwo ya ragu hannu ya ƙage, wannan ma watanni ne, yana iya kai shekara. Na uku ya riƙa saki a hankali a hankali. Gaba ɗaya shekara ɗaya zuwa uku, wasu kuma ɗan saura na zama musu. Allurar kortizon a cikin gaɓar ta fi amfani a hawan farko, tana ba mutum barci tana ba shi damar motsawa na wasu satittika. In ciwo ya riga ya lafa saura taurin, ba ta da wani abin kirki da za ta ƙara, kortizon ba ya farke ɗinki. Ga kuma suga, allurar tana ɗaga shi na kwanaki, wani har sati ko fiye, wadda ba ta san inda sugarta take ba yanzu ba za a soma mata da allura ba.

Shi kuwa Mushe, allura za ta kashe masa ciwo na ɗan lokaci ya koma ɗaukar bido yana murna, agarar tana nan yadda take ba ta ƙara ƙarfi ba, in aka yi ta maimaitawa ma raunana ta take yi. Ni sai in ciwo ya hana shi yin motsa jikin gaba ɗaya zan ce a yi guda.

Na Kara-Kara kabu-kabu:
Dokta ni an manta da ni fa. Mun yi gwajin, in na ɗaga masa yana tafiya har sama ba laifi, amma da na ce riƙe na saki sai hannun ya faɗo yaraf kamar tsumma. Shekararsa 38.

Kine Garin Malam:
Yi haƙuri ƙanena, naka ne ma ya fi gaggawa, saƙonni suka rufe shi. Kuma ni ba dokta ba ne kine ne. Wanka kar ya tsaya bin wannan hirar. Mutum ya faɗi, kafin nan lahiyarsa lau, yanzu ana ɗaga masa yana tafiya amma shi ba ya iya riƙewa, abin da ake tsoro agarar ta tsinke gaba ɗaya, ko ɗan ƙashin da take manne a kai ya ɓalle, ko kuma kafaɗar ta goce lokacin faɗuwar ta taɓa jijiyar da ke ba tsoka umarni. Ku kai shi babban asibiti wajen likitan ƙashi cikin satin nan, a yi radiyo a kuma yi ekogarafi na kafaɗa, ita ce ke nuna agara. Dalilin gaggawar, agarar da ta tsinke ba ta komawa ta manne da kanta, tsokar na janye ta baya kamar roba, in aka bar ta watanni tsokar ta shanye ta koma kitse, ɗinkin da zai yiwu yanzu ya gagara. Ga mai shekara 38 da ke cin abinci da hannunsa wannan ba abin wasa ba ne. Kar a sake ja, kar a sake ɗaurewa. Ka taɓa masa fatar gefen damtse daga sama ka tambaye shi ko yana ji daidai da ɗayan, ka gaya wa likitan.

Maman Biyu Tudun Jamus:
Ni tambayata daban, tawa daga wuya take tasowa ta bi hannu har babban yatsa yana yi mini kamar tafiyar kiyashi, kafaɗar kuma ina juya ta yadda nake so. Wanne ne cikin biyun?

Baba Manjo mai ritaya:
Ba ko ɗaya ƴata, wannan wuya ne, jijiya ce ta matsu a can. Ciwon kafaɗa na gaskiya ba kasafai yake wuce gwiwar hannu ba. Ki je a duba wuyan. Kuma tun da an zo nan, duk wanda ya ji ciwon hannun hagu tare da nauyin ƙirji da zufa da haki, ko kafaɗa ta kumbura ta yi zafi da masassara, wannan ba na gwaji a tabarma ba ne, asibiti kai tsaye. Masu sikila ma ciwon kafaɗarsu a yi radiyo, kan ƙashin na iya mutuwa.

Mushen Sabon Gari:
Mun gode Baba. To malam kine ni yanzu me zan yi? Wani abokin aikina ya ce in rataye hannun a wuya da ƙyalle wata guda ya huta.

Kine Garin Malam:
Kar ka soma. Rataye hannu wata guda hanya ce ta gayyato ciwon Hajiya a kan naka, na sha ganin wanda ya zo da ɗan ciwon agara ko ƙaramar karaya aka ɗaure shi ya daɗe, ciwon farko ya warke kafaɗa ta ƙage. Naka ba hutu yake so ba, ragin kaya yake so sannan a ƙara masa ƙarfi sannu sannu.

Bido dai ka bar wa yara ko ɗan garuwa. Allo kuma ka samu benci mai ƙarfi ko dakali ka hau don rubutun ya zo daidai ƙirjinka, ko ka sa babban ɗalibi ya rubuta layukan sama. Sati biyun farko ga abin yi: ka tsaya gefen bango, gwiwar hannu manne da haƙarƙari a lanƙwashe, ka danna bayan hannunka a bangon kamar za ka buɗe tagar nan amma bango ya hana, da rabin ƙarfinka, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sau biyar, safe da yamma. Hannu ba ya motsi amma agarar na aiki. In wannan ya zauna, ka kwanta a gefen hagu, ɗan tawul a naɗe a hammatar dama, ka riƙe gorar ruwa ta rabin lita ka riƙa ɗaga ta daga ciki zuwa sama gwiwa na manne, ka sauke a hankali kana ƙirga uku, sau 10 zuwa 15, zagaye uku. In ya zama wasa ka koma lita ɗaya. Sannan ka yanko robar cikin tayar moto ka ɗaura a ƙarfen taga ka riƙa jawowa baya da hannu biyu kana matse allunan kafaɗa. Ɗaga nauyi sama da kai shi ne na ƙarshe, ba yanzu ba.

Ma'aunin shi ne, ɗan ciwo lokacin yi ba laifi, amma in ka wayi gari ya fi na jiya ko ya hana ka barci, ka yi yawa, ka rage nauyi kar ka bari gaba ɗaya. Kuma ka sa a ranka sati 6 kafin ka ga bambanci na kirki, sati 12 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. In wata uku ya cika kana yi da gaske ba canji, ko ka ji ƙarfin hannun na raguwa, sai a yi eko.

Mushen Sabon Gari:
Wata uku! Ni da na ɗauka sati guda ne. Me zai hana in yi ekon tun yanzu in san matsayina?

Kine Garin Malam:
In kana da kuɗin ba haram ba ne, sai dai ka sani, mutane da yawa da suka manyanta in aka duba za a ga ɗan yagewa a agararsu alhali ba sa jin komai, to takarda na iya tsorata ka a banza, kuma ko an ga ƴar yagewa maganin farko dai wannan motsa jikin ne. Ni na fi so wani ya gwada ƙarfin hannun da hannunsa. Wasu likitocin za su ce a yi tun yanzu, ba zan yi musu da su ba.

Hajiyar Birni:
Ni fa ɗana? In ɗauki gorar ruwan ni ma? Akwai wani mai tausa da aka kai ni wajensa wata uku da suka wuce, ya sa mutum biyu suka danne ni ya murɗe hannun da ƙarfi wai zai ɓalle abin da ya riƙe, jika biyar na ba shi, sati biyu ban yi barci ba bayan nan.

Kine Garin Malam:
Subhanallahi. Lokacin kina tsakiyar hawan ciwo, jakar a kumbure, murɗa ta kamar zuba wa wuta fetur ne, kuma da ƙarfin tsiya ana iya karya ƙashi ko a tsinke agara. Akwai irin wannan da likitan ƙashi ke yi amma sai an sa mutum barci a ɗakin tiyata, kuma sai an daɗe ana bin hanya mai sauƙi ta ƙi.

Ke ba ƙarfi kika rasa ba, wuri kika rasa, gora ba taki ba ce yanzu. Farko ki je ki auna suga ki koma kan maganinki, ki nemi a yi miki radiyo guda don a tabbatar ba gaɓar ce ta cinye ba, don shi ma yana hana buɗe tagar nan. Sannan kullum sau uku: ki ɗumama wurin minti goma, ki dafa kujera da hannun dama ki sunkuya ki bar na hagun yana lilo kamar guga a bakin rijiya. Ki kwanta rigingine ki riƙe muciya da hannu biyu, na dama ya ja na hagu zuwa saman kai har inda kika ji ya ja, ki tsaya nan daƙiƙa 20 zuwa 30, ki dawo. Da muciyar dai, gwiwa a haƙarƙari, na dama ya tura na hagu waje. Sai ki tsaya gaban bango yatsu su riƙa hawa, ki sa alama da gawayi inda kika kai, duk Juma'a ki duba, don ci gaban ba ya ganuwa kullum sai a wata. Ja za ki ji, ba suka ba, in ciwon ya wuce awa ɗaya ko biyu bayan kin gama kin matsa da yawa. Da dare ki rungume filo a ƙarƙashin hannun.

Baba Manjo mai ritaya:
Ƙari kan wannan Hajiya, dikilofenak da ibufurofen ɗin nan na ƴan tebur ki yi hankali, mai suga shekara shida ƙodarsa ba ta son su, balle a ce da hawan jini ko gyambon ciki. Farasitamol ya fi miki, kuma kar wani yaro ya kawo miki taramol. Amma ni dai har gobe da ni ne da na yi allurar, mutum ya yi shekara biyu yana jira ai da wuya.

Hajiyar Birni:
Shekara biyu dai Baba Manjo, ni da nake sa ran Umra bana, yaya zan yi da kaya da cunkoso da hannu guda.

Kine Garin Malam:
Ba lalle ya kai biyu ba, ba lalle kuma ya tsaya nan ba, ba wanda zai ba ki rana. In har yanzu dare na tashinki, maganar Baba tana da wuri bayan suga ya daidaita, likita ya duba ya yanke. Akwai ma wadda ake haɗawa da ruwa mai yawa a buɗa jakar daga ciki, ki tambaya ko ana yi a inda za ki.

Mushen Sabon Gari:
Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana goma sha takwas. Na samu benci, yara sun yi dariya ranar farko yanzu sun saba. Dare ya yi sauƙi sosai ina juyawa ba na farkawa, amma sukar tsakiyar hanya tana nan. Na yi ganganci shekaranjiya na ga rabin lita ta yi mini kaɗan na ɗauki ta lita ɗaya da rabi, jiya ko buta da ƙyar na ɗaga. Na koma ƙaramar.

Hajiyar Birni:
Ni ma na auna, 2,40 aka samu, likita ya yi mini faɗa ya canza magani ya ce maganar allura sai nan da wata guda ya gani. Alamar gawayi ta hau kamar faɗin yatsa biyu, ko ni ce nake ɗage dunduniya ban sani ba, ƴata ta ce ɗagewa nake.

Alhaji Zango:
Hajiya ki dai haɗa da barin ruwan sanyi ba abin da zai rage ki.

Na Kara-Kara kabu-kabu:
Mu an yi eko an ce agarar saman ta tsinke duka, likita ya ce aiki za a yi kuma bayan aikin hannu zai zauna a rataye wajen sati shida sannan watanni na motsa jiki. Yanzu gida an rabu biyu, babanmu ya ce a koma wajen mai ɗori na Matamaye tukuna, ni na ce a sayar da moton a yi aikin. Malam kine in na kira ka a waya za ka yi wa baba bayanin robar nan da bakinka? Ni in na faɗa cewa yake yaro ne ni.

Kine Garin Malam:
Turo mini lambar ta gefe, bayan isha'i ina gida. Ka ɗauki hoton takardar ekon ka haɗo da ita.